Yadda ake haɗa jadawalin tsari da kasafin kuɗi a aikin rijiyar burtsatse

Jadawalin tsari tebur ne da ke jera manufar aiki, sakamakonsa, ayyukan da za a yi, ma'auni, hujja da zato, kowanne a gurbinsa. Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne su rubuta "haƙa rijiya" a matsayin manufar aikin. Haƙa rijiya aiki ne kawai, rijiyar da aka kammala ita ce sakamako, manufa kuwa ita ce sauyin da jama'a za su gani, wato samun tsaftataccen ruwa kusa da gida.

A ɗauka cewa malami ya ba ku unguwa mai mutum 250. Ƙa'idar Sphere ta ayyukan jinƙai ta sanya aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, saboda haka ma'aunin manufarku zai zama lita 3,750 a kullum, kuma hujjar da za ta tabbatar da shi ita ce littafin da kwamitin ruwa yake rubuta yawan ruwan da aka ɗiba. A gurbin zato, ku rubuta abin da ba ya hannunku, kamar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ɗore har ƙarshen rani. Samun kuɗin aikin ba ya shiga nan, domin sharaɗi ne na farawa.

Daga nan sai ku sa wa kowane aiki lamba, ku maimaita ta a kasafin kuɗi. Idan gwajin ingancin ruwa shi ne 1.3 a jadawali, dole a ga 1.3 da kuɗinsa. Haƙa kuma da mita ake lissafa shi, ba a dunƙule ba, tunda binciken ƙasa hasashen zurfi kawai yake bayarwa, shi ya sa ake ware kamar kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Layin horar da mai gyaran famfo shi ne aka fi mantawa, kuma mai duba takarda yakan fara nemansa.