Darasin Rashiyo a Aji Mai Gwanaye da Masu Rauni: Kurakuran da Aka Fi Yi

Duk malamin da ya koyar da rashiyo a aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya san yadda abin yake. Kafin ka gama rubuta tambaya a allo wasu sun ɗaga hannu, wasu kuma ko alamar 2:3 ba su san me take nufi ba, ga shi minti arba'in kawai gare ka.

Kuskuren farko yana faruwa tun kafin a fara darasi, wato raba yara rukuni-rukuni bisa matsayin da suka zo a jarrabawar zangon da ya wuce. Wannan matsayi ba ya nuna inda yaro ya maƙale a rashiyo. Tambaya ɗaya ta minti biyar ta fi shi amfani: idan ana dafa gwangwani 2 na wake da gwangwani 3 na shinkafa, gwangwani nawa na shinkafa za a sa wa gwangwani 6 na wake? Kowa ya rubuta amsarsa ya ɗaga littafi. Wanda ya rubuta 9 ya gane cewa ninkawa ake yi. Wanda ya rubuta 7 ya ga an ƙara 4 a wake, sai ya ƙara 4 a shinkafa. Irin wannan yaro yana tunani, sai dai tunanin tarawa yake yi a inda ake son ninkawa. Wanda bai rubuta komai ba, nasa daban ne. Da waɗannan amsoshi za ka raba rukuninka, na wannan darasin kaɗai.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ba masu rauni wani aiki dabam wai don a sauƙaƙa musu. Na sha ganin an ba su tarawa da ɗebewa su yi ta yi a bayan aji, sauran suna rashiyo, har a tashi ba su taɓa darasin ranar ba. Gyaran shi ne kowa ya yi rabon 2:3, abin da zai bambanta shi ne kayan aiki da girman lamba.

Ga yadda nake yi. Rukunin da bai rubuta komai ba ina ba su marafan kwalba ashirin, in ce su raba wa Audu da Binta: duk zagaye Audu ya ɗauki biyu, Binta ta ɗauki uku. A zagaye na huɗu marafan sun ƙare, Audu na da 8, Binta na da 12. Sai in tambaye su marafai nawa ke fita a kowane zagaye. Da zarar wani ya ce biyar, sun gano da hannunsu dalilin da ake haɗa 2 da 3.

Masu amsar 7 kuwa ina sa su zana akwati biyu na Audu, uku na Binta, duka girmansu ɗaya, su raba naira 3,500. Akwati biyar, kowanne 700, Audu ya sami 1,400, Binta 2,100. A nan ka sa ido, domin wani zai raba 3,500 gida biyu ya ba Audu, ya raba gida uku ya ba Binta. Kada ka yi saurin gaya masa ya yi kuskure. Ce masa ya duba wa ya fi samu. Zai ga Audu mai kaso biyu ya fi Binta mai kaso uku, ya koma ya sake lissafi da kansa.

Gwanayen ma ana cutarsu, ta hanyar ƙara musu tambaya goma irin wadda suka riga suka iya, ko a mai da su malaman 'yan'uwansu kullum. Juya musu tambayar kawai: an raba kuɗi 2:3, Binta ta fi Audu da naira 450, nawa aka raba? Dole su gane cewa 450 akwati ɗaya ce, jimla 2,250. Idan sun gama, canja rabon ya zama 3:5, bambancin naira 600. Yanzu bambancin akwati biyu ne, kowanne 300, jimla 2,400, kuma wanda haddace hanya kawai ya yi zai ce 4,800.

Malamai da yawa suna barin rukunonin har a kaɗa ƙararrawa. Ka ajiye minti bakwai na ƙarshe ka haɗa aji, ka mayar da tambayar wake da shinkafa allo. Fara kiran ɗaya daga masu marafai ya jera su a tebur: biyu da uku, biyu da uku, biyu da uku. Sannan ka nemi wanda ya rubuta 7 ɗazu ya zo ya ƙirga na shinkafa.