Yadda ake bin sawun kuɗin POS daga littafin shago zuwa asusu

Idan ka rufe shago da yamma, kafin ka duba alat, ka haɗa abu uku wuri ɗaya: littafin ciniki, takardar EOD da na'urar POS ke fitarwa a ƙarshen yini, da rahoton biyan kuɗi da banki ke turowa. Daga littafin ka ware cinikin kati kaɗai, domin tsabar kuɗi da taransifa hanyarsu daban.

Ga misali. Mai shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari ya rubuta cinikin kati huɗu ranar Talata: ₦12,000, ₦45,000, ₦250,000 da ₦8,000, jimla ₦315,000. Ranar Laraba ₦305,715 suka shigo asusu. Ina ₦9,285?

Ka fara da cajin banki, wanda rahoton ke kira MSC. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2020, cajin sayayya da kati kobo 50 ne a kan kowace ₦100, kuma ba ya wuce ₦1,000 a ciniki ɗaya. Ka duba takardar yarjejeniyarka ko haka ake cire maka. A kan kowane ciniki ake lissafa shi, ba a kan jimla ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Na ₦12,000 ya ci ₦60, na ₦45,000 ya ci ₦225, babban kuwa ya tsaya a ₦1,000 maimakon ₦1,250. Ka ga ₦1,285 ke nan. Saura ₦8,000 cif, wato ciniki guda ne bai shigo ba.

Kada ka nemo shi da yawan kuɗi, tunda mutum biyu kan sayi kaya iri ɗaya. Kowace rasit tana da lambar RRN mai lamba 12, da ita za ka bi rahoton layi-layi. Idan ba ka same ta ba, koma kan rasit. In an rubuta APPROVED da 00, duba lokacin: cinikin da aka yi bayan banki ya rufe lissafin ranar yakan zo cikin kuɗin gobe, na Juma'a da yamma kuma yana iya kaiwa Litinin.

In kuwa DECLINED ne da 91, bankin mai saye ne bai amsa ba, kuɗin kuma ba su taɓa isowa wurinka ba. Wannan shi ya fi ci min rai, domin yaron shago yakan ga alat a wayar mai saye ya miƙa kaya, daga baya banki ya mayar wa mai saye kuɗinsa. Ka ja masa kunne cewa rasit ce shaida.

Cinikin da aka amince da shi amma ya kwana biyu na aiki bai shigo ba, ka kai wa banki ƙorafi da RRN, lambar na'ura, kwanan wata da adadin kuɗin. Ka ɗauki hoton rasit tun a ranar, saboda rubutunta kan goge da zafi.