Cokalin gida ba ma'aunin maganin yara ba ne

'Yan uwa mata, musamman mu nan Gombe da muke sayen maganin ruwa a kemis: idan an rubuta ƙaramin cokali, ana nufin mililita 5, babban cokali kuwa mililita 15, wato ƙanana uku. Amma cokalin shayin da ke kicin ɗinmu ba shi da tsayayyen girma, wani ya ɗauki ƙasa da 5, wani ya zarce. Don Allah ku karɓi sirinji mai lamba ko ɗan kofin da ke kan murfin kwalba. In an ce mililita 7.5, ƙaramin cokali ɗaya da rabi ke nan.

Masu yin kek kuma, ku duba daga ina girkin ya fito. A Ostireliya babban cokali mililita 20 ne, ƙanana huɗu. Na Amurka kusan 14.8 ne, wannan bambancin ba ya ɓata kwaɓi.