Darasi na 7: Karanta Taƙaitaccen Rahoton Tsara Titi

Kafin a fara zuba ƙasa a sabon titi, injiniya yakan rubuta rahoto mai kauri. A farkonsa akwai shafi ɗaya ko biyu na taƙaitawa, kuma shi ne aka fi miƙa wa kansila, mai unguwa ko kwamitin ci gaban gari. Wannan darasi zai koya maka karanta shafin nan. Lambobi uku ne a cikinsa: nauyin da zai bi ta kan titin, ƙarfin ƙasar da titin zai zauna a kai, da kaurin shimfiɗun da za a yi. Lamba ta uku daga biyun farko take fitowa. In ɗaya daga cikinsu ta kauce, kaurin ma ya kauce.

Za mu yi aiki da misalin da muka tsara don koyo: titi mai tsawon kilomita 12 daga wani gari mai kasuwar hatsi zuwa babbar hanya. Kilomita 9 a kan tudu yake, kilomita 3 kuma ya ratsa fadama.

Lamba ta farko: nauyi

Masu ƙidaya sukan zauna bakin hanya kwana bakwai a jere suna rubuta duk abin da ya wuce. Sai dai a lissafin kauri ba a damu da babur, Keke Napep ko ƙaramar mota ba, domin ɓarnar da suke yi wa titi ba ta taka kara ta karya ba. Manyan motoci ake dubawa, su ma ba jimillar nauyinsu ba, nauyin da ke kan kowane aksul, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da tayoyin hagu da dama.

Ma'aunin da aka amince da shi shi ne aksul ɗaya mai ɗauke da kilo 8,160. Wucewarsa sau ɗaya ita ce ɗaya a lissafi, kuma a rahoto za ka ga an rubuta ESA ko ESAL. Abin da ya kamata ka riƙe da kyau shi ne, ɓarna tana ƙaruwa fiye da yadda nauyi yake ƙaruwa, nesa ba kusa ba. Aksul mai tan 10 yana yin ɓarnar ma'auni biyu da rabi. Mai tan 13 yana yin ta takwas. In an ninka nauyin ma'aunin sau biyu, ɓarnar ta haura ninki ashirin. Shi ya sa tirela ɗaya da aka yi wa lodin siminti har wuya ta fi dubban tasi cin titi.

A misalinmu, an sami manyan motoci masu aksul biyu guda 40 a rana suna fita daga gari da kaya, kowacce daidai da ma'auni 1.5. An kuma sami tirela 15, kowacce daidai da ma'auni 6. Hannun da ya fi nauyi ake ɗauka, wato na masu fita da hatsi, ba na masu shigowa wayam ba.

40 sau 1.5 ya ba da 60. 15 sau 6 ya ba da 90. Jimilla 150 a rana, wato 54,750 a shekara.

Ana son titin ya yi shekara 15, kuma ana tsammanin motoci za su riƙa ƙaruwa da kashi 4 cikin ɗari kowace shekara. Saboda ƙaruwar nan, maimakon a ninka da 15 sai a ninka da kimanin 20. Amsa ta zama 1,095,000, mu ce miliyan 1.1.

Jagoran da ɗakin binciken sufuri na Birtaniya, TRL, ya fitar a 1993 don ƙasashe masu zafi, mai suna Overseas Road Note 31, ya kasa nauyi aji takwas. Aji T3 ya kama daga miliyan 0.7 zuwa 1.5, T4 kuma daga 1.5 zuwa 3. Titinmu ya faɗa T3. Wani injiniya yakan yi aiki da wani jagora dabam, kamar na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, amma ko'ina tunanin ɗaya ne.

Lamba ta biyu: ƙarfin ƙasa

Ana haƙa ramuka a kan layin titin a ɗebi ƙasa a kai ɗakin gwaji. A can za a danne ta a cikin wani kaskon ƙarfe, galibi a jiƙa ta cikin ruwa kwana huɗu, sannan a tura mata sandar ƙarfe a hankali a ga ƙarfin da ake buƙata kafin ta nitse. Sakamakon shi ne CBR. Fasasshen dutse mai kyau shi ne 100. Ƙasar da ta sami 6 tana da kashi 6 cikin ɗari na ƙarfinsa ke nan.

Jiƙawar nan tana da dalili. Laka a watan Maris takan yi tauri har diga ta riƙa tsalle a kanta, amma a watan Agusta yaro ma sai ya nutsa mata yatsa. Titi kuma zai ga damina goma sha biyar. Baƙar lakar nan ta yankin Tafkin Cadi, wajen Dikwa da Gamborun Ngala, ita ce babbar shaida: takan kumbura da damina, ta tsage da rani, ta tsaga kwaltar da ke kanta.

A ɓangaren tudu an gwada wuri goma, aka sami 5, 6, 6, 7, 8, 9, 9, 11, 12, 14. In ka haɗa su ka raba goma za ka sami 8.7. A nan ne ake yawan yin kuskure, domin ba matsakaici ake ɗauka ba. Rabin wuraren nan ba su kai 8.7 ba, kuma titi ta wurin da ya fi rauni yake fara mutuwa. Ƙa'ida ita ce a ɗauki lambar da wuri tara cikin goma suka kai ta ko suka wuce ta. A nan 6 ce. Jagoran nan ya kasa ƙarfin ƙasa ma aji-aji: ajin S3 ya ƙunshi 5 zuwa 7, S4 kuma 8 zuwa 14. Don haka tudu S3 ne, duk da cewa matsakaici ya nuna S4.

A fadama lambar ta fito 3, wato ajin S2. Rahoto mai kyau zai raba ɓangarorin biyu, ya faɗi inda kowanne ya fara da inda ya ƙare.

Lamba ta uku: kauri

Yanzu injiniya zai buɗe jadawali, ya bi layin nauyi daga sama, ya bi layin ƙasa daga gefe, ya karanta abin da ke mahaɗarsu. Ga abin da jadawalin titi mai feshin kwalta da tsakuwa ya ba mu, a milimita:

| Ɓangare | Aji | Shimfiɗar sama | Shimfiɗar ƙasa | Ciko |
|---|---|---|---|---|
| Tudu | T3, S3 | 200 | 225 | babu |
| Fadama | T3, S2 | 200 | 175 | 200 |

Milimita 200 kusan taƙi ɗaya ne na hannun babban mutum. Shimfiɗar sama ita ce ke ƙarƙashin kwalta kai tsaye, ita ke karɓar dukan taya, saboda haka sai kayan da CBR ɗinsu ya kai 80, kamar fasasshen dutse ko burji na musamman. Ta ƙasa tana buƙatar 30, kuma jan burji yakan wadatar. Ciko shi ne ƙasa mai dama-dama da ake fara zubawa a kan laka, ya kai 15.

Lura da cewa feshin kwaltar kansa ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa hana ruwa shiga da ba taya wurin kamawa. Shimfiɗun da ido ba ya gani su ne ke baza nauyin taya, ta yadda kafin ya isa ƙasar asali ya bazu, ya yi sauƙi. Shi ya sa tudu ya sami jimillar milimita 425, fadama kuma 575, alhali motocin da za su bi su ɗaya ne.

In lamba ɗaya ta kauce

A ce an ɗauki matsakaici an sa tudu a S4. Jadawali zai ba da shimfiɗar ƙasa 150 maimakon 225. Milimita 75 kamar ba komai ba ne, bai kai tsawon yatsa ba. Amma a titi mai faɗin mita 10, a kowace kilomita burji mita kubik 750 ne ya ragu. Kuɗi ne mai yawa, kuma shi ya sa ya dace kwamiti ya sa ido a wannan layi.

Ko kuma a ce ba a auna tirelolin a kan sikeli ba, an yi zato ne kawai, alhali saboda lodin wuce kima kowacce ma'auni 12 ce, ba 6 ba. Lissafin rana ya koma 60 da 180, wato 240. A shekara 15 ya kai miliyan 1.75, titin ya tsallaka T4, shimfiɗar ƙasa a tudu ta zama 275. Titin da aka gina a T3 zai cinye ƙarfinsa tun shekarunsa ba su cika ba. A ganina wannan ce lambar da ta fi rauni a yawancin rahotanni, domin ƙirga mota abu ne mai sauƙi, auna ta kuwa sai da sikeli da haɗin kan direbobi.

Titin da kaurinsa ya gaza yakan nuna alama. Za ka ga kwari biyu dogaye a inda tayoyi ke bi, ruwa na kwanciya a ciki bayan an ɗauke ruwan sama. Daga baya kwalta ta yi tsaga-tsaga ƙanana a haɗe da juna, ruwa ya shiga, rami ya buɗe. Sai dai ba duk ɓaraka ce laifin kauri ba. In magudanar ruwa ta toshe ko kwalbati ya yi ƙanƙanta, ƙasar za ta jiƙe fiye da yadda aka yi lissafi, titin ya lalace ko da lambobin takarda daidai suke.

Saboda haka in an ba ka shafin taƙaitawa, tambayi injiniya cikin girmamawa: Ranka ya daɗe, a wane wata aka yi ƙidayar, kuma ranar kasuwa da lokacin kaka sun shiga ciki? An ɗora motocin a sikeli? An jiƙa ƙasar kafin gwaji? Ka kuma tuna cewa kaurin da ke takarda na bayan rola ta danne ne, ba na lokacin da gireda ta baza ba.

Aikin yi

1. Wani titi yana da manyan motoci 30 a rana, kowacce ma'auni 2, da tirela 10, kowacce ma'auni 5. Nawa ne jimillar rana? Ninka da 365, sannan da 20. T3 ne ko T4?
2. An sami CBR 4, 7, 8, 8, 9, 10, 10, 12, 13, 15. Wace lamba ce wuri tara cikin goma suka kai? Wane aji ke nan?
3. Haɗa kaurin shimfiɗun fadama a jadawalin sama, ka auna tsawon a jikin sanda da tef, ka nuna wa 'yan ajinku.