Yadda ake zuba wa masara yuriya ba tare da iska da ruwa sun kwashe ta ba

A daminar da ta gabata na je gonar Baffana a yankin Deba, mako biyu bayan ya watsa buhu biyu na yuriya a masararsa. Ta kan tudu ta yi kore shar, amma ta gangare, inda ruwa ya kwanta kwana uku lokacin marka, ta yi ɗorawa kamar ba ta taɓa ganin taki ba. Ya ce da ni, "Ɗana, takin bana jabu ne." Na ce, "Baffa, da jabu ne ai da ta tudu ma ba ta yi ba. Takinku ya gudu ne, ku zo in nuna muku ƙofar da ya bi."

Abin da ke aiki a cikin yuriya shi ne naitirojin, kuma ba ya zama wuri ɗaya yana jiran shuka. Kullum yana cikin sauya kama tsakanin iska da ƙasa da tsiro, ƙwayoyin bakteriya ne ke juya shi. Wanda ya san zangon da takinsa yake a kowane mako shi ne zai san ranar zubawa da yadda zai zuba.

Fara da lissafin abin da ke cikin buhu

Yuriya kashi 46 cikin 100 ne naitirojin, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo 7.5 kawai ke cikin buhunsa. Baffa ya sa kamfa huɗu da yuriya biyu a hekta ɗaya, jimilla kilo 76 ke nan. Idan sulusin yuriyar ya salwanta, an yi asarar fiye da rabin buhu da aka saya da kuɗin gumi.

Sannan ka duba abin da ƙasa ke samu kyauta

Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma a siffar N₂, wadda masara ba ta iya taɓawa. Sai an kamo shi an mayar da shi amoniya. Masana'antar taki na yin haka da zafi da matsi mai tsanani, ta hanyar da aka fara aiki da ita a Jamus a 1913. Tun kafin nan bakteriyar raizobiyam ke yin aikin a cikin saiwar wake da gyaɗa da waken suya, har da itacen gawo. Wannan na daga cikin dalilan da gero ke yin kyau a gindin gawo.

Kana iya ganin wannan da idonka. Idan wakenka ya kai mako biyar zuwa shida, ka haƙo gindi ɗaya da fartanya, kada ka fizge, ka wanke saiwar a kwano. Za ka ga ƙananan ƙululai manne da ita. Tsaga ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar ɗanyen nama, ana kan aiki. In fari ne, bai fara ba ko ba ya aiki, in kuma ya koma kore ko baƙi, ya tsufa.

A nan taki ke fara ɓata tsari. Shukar wake tana ciyar da bakteriyar nan da sukarin da take haɗawa a ganye, ita kuma ta biya ta da naitirojin. Idan ka cika ƙasa da yuriya, waken ya samu a sauƙaƙe, sai ya rage yin ƙululai, ya tafi yaɗo da ganye. Don haka wake da gyaɗa sufa suke so, ba yuriya ba. Kada kuma a zuzuta abin da suke bar wa gona: mafi yawan naitirojin ɗin yana fita da ƙwaya da harawa. In an kwashe harawa kaf aka kai kasuwa, saiwa da ganyen da ya zuba ne kaɗai rabon masarar baɗi. Duk da haka juya shuka yana rage buƙatar taki, yana kuma rage wuta-wuta, wadda ta fi ƙarfi a ƙasar da ta gaji.

Kwanakin farko: binne ta

Da zarar yuriya ta jiƙa, wani sinadari da ƙwayoyin ƙasa ke fitarwa yana narka ta ta koma amoniyam, NH₄⁺, cikin kwana biyu zuwa huɗu a irin zafinmu. In hakan ya faru a saman ƙasa, wani kaso yana tashi sama a matsayin iskar amoniya. Wanda ya taɓa ratsa gonar da aka watsa wa yuriya da hantsi ya ji wani zarni kamar na turken awaki, to kuɗin mai gona ne ke tashi. Mafi munin yanayi shi ne ƙasa mai ɗan danshi, rana mai zafi da iska, ba ruwan da zai shigar da takin ciki.

Maganin ba ya cin kuɗi, ƙarfi yake ci. Ka sami sanda mai tsini, ka huda rami mai zurfin santimita 5, nesa da gindin masara da faɗin tafin hannu, ka zuba, ka take da ƙafa. Kada ƙwayar takin ta taɓa kara ko ta faɗa cikin mazurarin ganye, tana ƙonawa. A ƙasa amoniyam yana manne wa laka da ruɓaɓɓen ganye, saboda shi cajinsa na lantarki na ƙari ne, su kuma nasu na ragi, don haka ruwa ba ya saurin tafiya da shi.

Ga yadda muka yi awon a gonar Baffa. Kunyoyinsa santimita 75 ne tsakani, gindi zuwa gindi santimita 50, biyu-biyu a rami. Hekta ta ba da gindi kusan 26,600. Kilo 100 na yuriya a kan wannan adadi ya kama ƙasa kaɗan da giram 4 kowane gindi. Kunya mai tsawon mita 100 tana da gindi 200, sai ta ci giram 750. Ka auna wannan sau ɗaya a sikelin mai shago, ka nemi murfin kwalba da zai raba shi daidai, ka miƙa wa 'yan ƙwadago. In buhu ya ƙare kafin kunya 66, hannu ya yi nauyi.

Mako ɗaya zuwa uku: lokacin da taki ke kwance igiya

Wannan zangon ne ya fi muhimmanci a ganina, kuma shi ne ba a cika sani ba. Amoniyam ba ya daɗewa a haka. Bakteriya irin su Naitirosomonas suna mayar da shi naitirait, NO₂⁻, wasu irin su Naitirobakta su ƙarasa shi zuwa naitiret, NO₃⁻. 'Yan makaranta sun san matakin da sunan naitirifikeshan. Yana buƙatar iska da ɗumi da danshi, kuma gonar damina a Gombe tana da duka ukun, sai aikin ya yi sauri.

Masara na shan naitiret sosai. Matsalar ita ce cajinsa na ragi ne kamar na laka, ba abin da ke riƙe shi, duk inda ruwa ya nufa zai bi. A ƙasa mai yashi ruwan sama mai ƙarfi guda ɗaya na iya saukar da shi ƙasa da inda saiwa ta kai. A daji, inda ruɓewar ganye da kashin dabbobi ke sakin naitirojin kaɗan-kaɗan, tsirrai na shanyewa kusan yadda yake fitowa. Buhun taki kuwa yana juye na wata uku a rana ɗaya.

Saboda haka ka daidaita zubi da yunwar masara. A makonni uku na farko abin da take ci kaɗan ne, kamfar da aka binne cikin kwana goma zuwa mako biyu da shuka ta ishe ta. Cinta yana tashi daga lokacin da ta kai gwiwa har ta fara goyo. Yuriya ta shiga a mako na huɗu zuwa na shida, bayan an cire ciyawa. In ƙasarka yashi ce, raba ta biyu, rabi a mako na huɗu, rabi a na shida ko na bakwai. Alamar yunwa tana farawa daga ganyen ƙasa: ɗorawa daga tsinin ganye tana bin jijiyar tsakiya. In ganyen sama ne suka fara ɗashewa alhali na ƙasa kore ne, ba yuriya ake nema ba, a duba wani sinadarin.

Akwai wata illa da ke zuwa a ɓoye. Duk lokacin da amoniyam ya koma naitiret, yana sakin tsami a ƙasa, naitiret ɗin da ya zurare kuma yana tafiya da kalsiyam da maganiziyam. Shekara goma ana yuriya zalla babu takin gida, sai ka ji manomi na cewa ƙasa ta saba da taki, kullum sai ƙari take nema. Tsami ne ya taru, musamman a yashi. In awon ƙasa ya nuna pH, wato ma'aunin tsami, ƙasa da 5.5, a nemi shawarar malamin gona kan farar ƙasa, a dawo da takin dabbobi da toka, a kuma daina ƙona karare, don wuta na mayar da naitirojin ɗinsu iska.

Idan ruwa ya kwanta: dakata

Bayan tashi sama da zurarewa ƙasa, ƙofa ta uku ita ce wadda takin Baffa ya bi. Idan ruwa ya cika ƙasa iska ta ƙare, wasu bakteriya sai su koma numfashi da naitiret, su mayar da shi iskar N₂O da N₂, ya koma sama inda ya fito. Wannan ne dinaitirifikeshan, shi ke rufe zagayen. Kwana biyu zuwa uku na kwanciyar ruwa a ƙasa mai ɗumi sun isa a yi asara mai yawa, kuma baƙar lakar nan mai tsagewa da rani da fadama su ne kan gaba. Na sa fartanya a gangaren nan, ƙasar ta fito toka-toka da ɗigon tsatsa, tana warin kwata. Alamar rashin iska ke nan. Ita N₂O kuma kowane kilo nata yana riƙe zafin duniya kusan ninki 270 na iskar kabon.

Don haka kada ka zuba yuriya in hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ko in ka matse ƙasa a hannu ruwa ya ɗiga. Ka ɗaga kunya, ka buɗe wa ruwa hanya a ƙarshen gona, ka jira ta tsane. Masu shinkafa a Dadin Kowa su rage ruwan fangali kafin zubi, su cusa takin cikin taɓo, su toshe mafita na 'yan kwanaki. Abin da ya fita daga nan kogin Gongola yake shiga, ya ciyar da gansakuka, wadda in ta ruɓe take cinye iskar da kifi ke buƙata. Wanda ya zurare ƙasa kuma rijiya yake samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha miligiram 50 a lita, saboda yana hana jinin jarirai ɗaukar iska, kuma tafasa ruwan ba ya cire shi, ƙara tattara shi yake yi.

Gangaren Baffa mun yanke masa magudana, bayan kwana huɗu ƙasa ta tsane muka binne rabin awo a kowane gindi. Sababbin ganye sun fito kore cikin mako guda, amma goyon bai kai na tudu ba. Bana ya ce shinkafa zai sa a wurin, tudun kuma waken suya.