Yadda malami zai kai tasharsa ta YouTube ga kuɗin farko

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati. A watan Oktoba na buɗe tasha ina warware tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC da Hausa, kuma dalar farko ba ta shigo hannuna ba sai Nuwamban shekarar da ta biyo. Tun daga lokacin malamai huɗu suka zo na nuna musu hanya, uku sun watsar kafin wata biyar. Ba zan tsaya kan yadda ake buɗe tasha ba, ɗalibinka na aji uku zai yi maka wannan cikin minti biyar.

Mataki na farko, ka san abin da ake ƙirgawa. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai yana son mabiya 1,000 da kuma awa 4,000 na kallo a cikin wata 12 na baya-bayan nan. Kowa hankalinsa na kan mabiya, alhali su ne masu sauƙi: ɗalibai da 'yan uwa da zaurukan WhatsApp za su cika maka su. Awannin ne ke kayar da mutane. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. In kowane mai kallo yana zama minti shida, kallo 40,000 kake nema. In minti biyu yake yi ya fita, sai 120,000. Shi ya sa nake hana malamai ɓata lokaci kan Shorts, wato gajerun bidiyoyin YouTube, domin kallon da ake yi musu ana zazzaga waya ba ya shiga wannan lissafi. Kuma ka lura, awannin da suka haura wata 12 zubewa suke yi, don haka mai yi yau ya huta wata uku, ɗiban ruwa yake da kwando.

Na biyu, tambaya ɗaya, bidiyo ɗaya, minti goma zuwa sha biyar. Kada ka buɗe da doguwar gaisuwa. Bidiyoyina na farko minti biyu nake yi ina sallama da godiya da roƙon a danna ƙararrawa. Da na duba YouTube Studio, wurin da mai tasha ke ganin alƙaluman kallo, sai na ga layin masu kallo ya gangara kamar rijiya tun ban rubuta lamba ɗaya ba. Yanzu sallama ɗaya nake yi, tambayar tana kan takarda tun daƙiƙar farko. Wayata a ɗaure take a jikin ƙafar kujerar da na kifa kan tebur, tana kallon farar takarda, ba a ganin komai sai hannuna da maka baƙa. Kada ka sayi kyamara. In akwai ɗan canji, sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, don yaro zai jure hoto mai duhu amma ba zai jure ƙarar janareto ba. Bayan sallar asuba ake ɗauka, kafin masu babur su fito. Ban yarda da wani lokaci ba.

Na uku, ka bi kalandar jarrabawa. Daga Oktoba zuwa Janairu mabiyana ba su kai 200 ba, a irin wannan lokacin shiru ne malaman nan uku suka sare. A Fabrairu, da yara suka fara shirin JAMB, bidiyoyin da suka kwana wata uku babu mai kulawa suka tashi, WAEC kuma ta biyo baya wajen Mayu da Yuni. Aikin lokacin shiru shi ne tara kaya kafin ranar kasuwa. Wani abu kuma, idan aka tambaye ka ko bidiyon na yara ne, darasin 'yan ajin ƙarshe na sakandare ba na ƙananan yara ba ne. Wanda ya zaɓi na yara za a rufe masa wurin sharhi, kuɗin tallarsa ma ya ragu.

A ƙarshen Afrilu na cika sharuɗɗan, na shiga sashen Earn a YouTube Studio na nema, na haɗa asusun AdSense, wanda ta cikinsa Google mai YouTube ke biyan kuɗin talla, aka amsa mini a Mayu. Na ɗauka an gama. Ashe nan ne wahalar take, kuma wannan mataki na huɗu shi ne dalilin rubutun nan.

Da kuɗinka ya kai dala 10, Google zai aiko da lamba shida da ake kira PIN, a takarda, ta gidan waya, zuwa adireshin da ka rubuta. Ba ta imel take zuwa ba, ba ta saƙon waya ba. Kana da wata huɗu ka shigar da ita, in ba haka ba a dakatar da talla a tasharka. Ni kuwa abin da na rubuta shi ne sunan unguwarmu da "bayan masallacin Juma'a", kamar mai yi wa baƙo kwatance. Layinmu ba shi da suna, gidanmu ba shi da lamba. Na jira Yuni ya wuce, na nemi a sake aikowa, wadda ake iya yi bayan kamar mako uku, amma ban gyara adireshin ba, ta sake bin sawun ta farko.

Wani dattijo da ya daɗe yana aikin wasiƙu ne ya warware mini. Ya dubi abin da na rubuta ya yi dariya, ya ce, "Malam, masallacin Juma'a nawa ne a garin nan? Ɗana, nemi wanda ke da akwatin gidan waya." Na gyara adireshin zuwa inda wasiƙa ke iske mutum da gaske, sannan na nemi ta uku. Ta iso a Satumba, 'yar farar takarda a naɗe, an yayyage gefenta, saura mako uku wa'adina ya cika. Saboda haka tun ranar da za ka buɗe AdSense ka sa adireshin da ka taɓa karɓar wasiƙa a cikinsa, kuma in za ka nemi sabuwa, gyara adireshin tukuna. In duk damar aikowa ta ƙare ba ta zo ba, akwai hanyar tura hoton takardar shaida, amma kada ka zauna jiran wannan.

Haka batun suna. Mu Hausawa mutum ɗaya sai ka same shi Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Mamman a makaranta. Sunan da ke AdSense ya zama daidai da na katin shaidarka da na asusun banki, harafi da harafi. Kada ka sa sunan tasha a wurin, kuma kada ka buɗe asusu na biyu don ka yi kuskure a na farko, mutum ɗaya asusu ɗaya aka yarda.

Sauran ba wuya. Cike fom ɗin harajin Amurka, W-8BEN. In ka ƙyale shi ana iya cire har kashi 24 cikin ɗari na duk abin da ka samu, in ka cike kuwa kuɗin da ya fito daga masu kallo a Amurka kaɗai ake taɓawa, mu kuma namu 'yan gida ne. Buɗe asusun dala, ka karɓi lambar SWIFT, wadda ake turo kuɗi daga ƙasar waje da ita, daga bankinka ka shigar a AdSense. Ba a biya sai kuɗi ya kai dala 100, kuma talla a kan masu kallon Najeriya araha ce, musamman bayan an gama NECO yara sun ajiye littafi. Wata shida na yi kafin na haura. Ana tura kuɗin tsakanin 21 da 26 ga wata, banki ya ƙara 'yan kwanakinsa.

Nawa ya shigo ran 25 ga Nuwamba, ina tsaka da duba takardun gwajin aji biyar a ɗakin malamai. Da na cire kuɗin datar wata goma sha uku da na makirufo, abin da ya rage ya isa buhun shinkafa ƙarami da kwalin maka.