Kuɗin cefane da tsadar kaya: kurakuran da aka fi yi wajen ƙari

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙarin ƙiyasi. Maigida ya saba ba da naira 100,000 a wata, shekara ta zagayo, uwargida ta ce kuɗin ba sa kai ƙarshen wata, sai ya ɗora 10,000 yana ganin ya yi bajinta. Wani kuma ya ji a rediyo cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, sai ya yi lissafi da wannan. Ya fi na farko, amma adadin na ƙasa baki ɗaya ne, har da hayar gida da sutura a ciki. A wannan watan dai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna tsadar abinci a jihar Sakkwato ta haura kashi 50. Kuɗin cefane kuwa yawancinsu wajen abinci suke tafiya.

Gyaran shi ne gida ya auna da kayan da yake saye da kansa. Ɗauki misali, kuma alƙaluman na misali ne kawai. Bara a cikin 100,000, gero da shinkafa da wake sun ci 40,000, bana adadin kwanukan nan sai 60,000. Kayan miya da mai da nama na 30,000 sun koma 42,000. Kuɗin kabu-kabu daga 10,000 zuwa 13,000, itace ko gawayi daga 10,000 zuwa 12,000, sabulu da ruwa daga 10,000 zuwa 11,000. Jimilla 138,000, wato ƙarin kashi 38.

A nan ne masu boko ke zamewa. Su ga hatsi ya tashi da kashi 50, kayan miya 40, sauran 30 da 20 da 10, su tara su raba biyar, su ce ai 30 ne. Sai a ba da 130,000, a rasa inda 8,000 suka shige, a fara zargin uwargida da almubazzaranci. Ba ta ci komai ba. An daidaita sabulu da gero ne a lissafi, alhali gero da 'yan uwansa sun ninka kuɗin sabulu sau huɗu. Kowane kaya a lissafa shi da nairarsa, sannan a tara.

A kuma lura da watan da ake kwatantawa. Gero a kaka, lokacin da sabo ya cika kasuwa, ba farashinsa ɗaya da na tsakiyar damina ba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Tumatir da albasa a Kasuwar Daji ta Sakkwato haka suke, araha sa'ad da kayan fadama suka shigo, wuta idan sun ja baya. Wanda ya gwada farashin Nuwamban bara da na Agustan bana ya haɗa tsadar lokaci da tsadar shekara. Agusta da Agusta ake gwadawa. Kuma a tabbatar ma'aunin bai sauya ba, don mai kayan miya ba ya cika ƙara kuɗin kashi, rage kashin yake yi. Attaruhun 500 yana nan a 500, sai dai abin da ke cikin ledar ya ragu.

To, idan lissafi ya ce 138,000 amma aljihu ya tsaya a 120,000 fa? Mutane kan yanke kaɗan daga kowane ɓangare, ko su bar giɓin 18,000 ya koma bashi wurin mai shago. Ni a ganina gara a ajiye tsarin bara gaba ɗaya, a fara rubutu da kwano ba da naira ba. Kwano nawa na hatsi gidan ke ci a wata? A ware kuɗinsa tukuna, da na makamashi, tunda ba a cin ɗanyen gero. Sun cinye 72,000 ke nan, saura 48,000 a madadin 66,000. A cikin wannan ragowar za a yi yankan: nama ya koma sau biyu a mako, a haɗa aike biyu a tafiya ɗaya. A cikin hatsin ma akwai sarari idan aka rage kwanakin shinkafa aka ƙara na tuwo. Wannan zama ne na mutum biyu, domin mai riƙe da ludayi ita ta san abin da zai ragu yara ba su ji a jikinsu ba. Mai hali ya sayi buhun gero a kaka, amma ya cire kuɗinsa daga na wata-wata, kada a biya abu sau biyu.

Akwai masu jin an ce hauhawar farashi ta sauka, su ce to a koma tsohon kuɗi. Saukarta daga 30 zuwa 20 na nufin kaya na ci gaba da tashi, gudun ne ya ragu. Shi ya sa jiran shekara cur kafin a duba ya yi nisa. Duk wata uku a sake tambayo farashin kayan da ke takardar, kuma kuɗin azumi da na layya a yi musu asusu dabam.